Taku ɗaya na Baƙi ya isa ya rushe amsarka

Idan aka rubuta a ƙarƙashin hoton allon ces cewa Fari ne da taku, kuma zai kashe sarki a taku biyu, magana ce mai nauyi aka yi. Ba ana nufin akwai wata hanya da in Baƙi ya bi ta za a kashe shi ba ne. Ana nufin ko me Baƙi ya yi, ko ta ina ya ɓullo, ba zai wuce taku na biyu da rai ba. Saboda haka nauyin da ke kan ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Fari taku ɗaya mai kyau yake buƙata duk lokacin da wasa ya zo kansa. Shi kuwa Baƙi, sai an ba kowane taku da doka ta yarje masa amsa, ba a bar ko ɗaya ba. In yana da taku bakwai, shida suka kai shi ga halaka, ɗaya ya fitar da shi, to amsar da ka kawo ta faɗi gaba ɗayanta. Ba a cewa ta ci shida cikin bakwai.

A nan ne yawancin masu warware irin wannan wasa ƙwaƙwalwa suke tuntuɓe. Mutum zai hango wani taku mai ban sha'awa, ya ga yadda sarkin Baƙi zai mutu a bayansa, sai ya zaɓa wa Baƙi amsar da za ta bar shirin ya tafi daidai. Ba da gangan yake yi ba. Idon da ya riga ya ga kisa ba ya son ganin abin da zai hana shi. Aikin tantance amsa kuwa shi ne ka tashi daga kujerar Fari ka koma ta Baƙi da zuciya ɗaya, ka nemi abin da zai wargaza shirin da kai da kanka ka ƙulla. Wannan yana da tsari, kuma an fi ganinsa a kan allo.

Ga wata ƙaramar matsala da aka daɗe ana danganta ta ga Paul Morphy, gwanin nan na New Orleans da ya rayu daga 1837 zuwa 1884. Fari yana da sarki a c8, ruk a a1, da soja a b6. Baƙi yana da sarki a a8, bishof a b8, da sojoji biyu a a7 da b7. Fari ne da taku, ya kashe a taku biyu. Wanda zai ɗora ta a allon kwamfuta ko na waya, ga yadda ake shigar da ita:

```
kbK5/pp6/1P6/8/8/8/8/R7 w - - 0 1
```

A rubutun taku, K sarki ne, Q sarauniya, R ruk, B bishof, soja kuwa ba shi da harafi. Alamar x tana nufin an ci, + tana nufin cek, wato hari a kan sarki, # kuma cekmet, wato kisan sarki. Ɗigo uku bayan lamba suna nuna takun Baƙi ne.

Kafin ka taɓa komai na Fari, fara da ƙirga abin da Baƙi zai iya yi a yadda allon yake. Sarkinsa ba shi da inda za shi, domin gidaje ukun da ke kewaye da shi duk nasa ne suka cike su. Sojan b7 ba zai matsa gaba ba, sojan Fari na b6 ya tare masa hanya. Sojan a7 zai iya zuwa a6 ko a5. Kamar zai iya cin sojan b6, amma ba zai iya ba, domin da ya bar layin a, ruk ɗin da ke a1 zai kalli sarki kai tsaye, doka kuma ba ta yarda mutum ya buɗe sarkinsa ga cek ba. Bishof yana da gidaje shida a karkataccen layinsa: c7, d6, e5, f4, g3 da h2. Jimilla taku takwas ke nan. Wannan ƙirgar ba ta cin minti ɗaya, amma ita ce ma'aunin da za ka riƙa ɗora kowane takun Fari a kai.

Takun da ido ya fi saurin kai wa shi ne 1.Rxa7+, domin cek ne kuma ci ne. Gwada shi ba wuya, tunda cek yana taƙaita amsoshin Baƙi zuwa iri uku kawai: sarki ya gudu, a ci mai ba da cek ɗin, ko a sa wani abu a tsakani. Sarki ba zai ci ruk ba, sojan b6 yana gadinsa. Babu tsakani, domin ruk yana manne da sarki. Amma bishof yana ci, 1...Bxa7, daga nan kuwa Fari ba shi da ko cek ɗaya da zai bayar, balle kisa. An gama da wannan.

Sai 1.bxa7. Wannan ya fi wayo, domin yana ɗauke da barazana ta gaske: sojan zai ci bishof a b8 ya zama sarauniya, ruk kuma ya buɗe a kan sarki a lokaci ɗaya. In Baƙi ya yi sakaci ya taka 1...b6, sai 2.axb8=Q# ta biyo baya. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka ya gama. Amma tambayar da ake yi bayan an gano barazana ita ce, me zai hana ta? Bishof ɗin da ake shirin ci yana iya cin sojan da kansa, 1...Bxa7. Gaskiya ne yanzu bishof ya ɗauru, ba zai motsa ba saboda ruk, amma Fari taku ɗaya ya rage masa, kuma 2.Rxa7+ sarki ne zai cinye ruk ɗin, tunda sojan da ke gadin a7 ya riga ya tafi.

Lura da abin da waɗannan gwaje-gwajen biyu suka koyar. Duk biyun bishof ne ya ɓata su, ta hanyar cin abin da ya sauka a a7. Wato bishof shi ne mai gadin a7, kuma muddin yana zaune a b8 ba za a shiga ta wannan ƙofar ba. Amsar da ta rushe takunka ba asara ba ce, ita ce take gaya maka inda ƙarfin abokin karawa yake. To in bishof ya bar b8 fa? A ce ya tafi e5, ko h2, ko ma c7. Sai ruk ya ci a7 da cek, sojan b6 yana gadinsa, sarkin Fari ya hana b8, sojan Baƙi ya toshe b7, bishof kuma ba ya ganin a7 daga ko ɗaya cikin gidaje shidan. Cekmet ne. Ashe shida daga cikin taku takwas na Baƙi sun riga sun zama kisa tun Fari bai yi komai ba. Abin da Fari yake buƙata shi ne ya yi wani taku da ba zai ɓata wannan tsarin ba, ya bar Baƙi ya motsa da kansa.

Daga nan tunani yakan tafi ga takun jira, kamar 1.Ra2. Ruk yana nan a layinsa, sojan a7 yana nan a ɗaure, duk motsin bishof yana ƙarewa da 2.Rxa7#. Saura taku biyu na soja. In Baƙi ya taka 1...a5, sai 2.Rxa5+, amma bishof ya faɗa a7 ya shiga tsakani. Fari zai cinye shi ya kashe da 3.Rxa7#, sai dai wannan taku na uku ne, an ce biyu. A wasa na gaske wannan nasara ce, a nan kuwa faɗuwa ce. In kuma Baƙi ya taka 1...a6, abin ya fi muni, domin 2.Rxa6+ sojan b7 zai ci ruk ɗin, sannan in Fari ya tura 3.b7+ sarki ya fice ta a7, gidan da sojansa ya bar masa fanko.

Wannan yana nuna wani abu da ya kamata a riƙe. Amsa mafi kyau ga Baƙi ba ita ce wadda ta fi kyau a wasa na yau da kullum ba. Sharaɗin da aka rubuta a ƙarƙashin allon shi ne yake fayyace ta. In sharaɗin kisa ne a taku biyu, duk takun da zai sa sarki ya kai taku na uku yana numfashi ya wadatar, ko da Baƙi zai rasa duk abin da ya mallaka a kan allo. Mai tantancewa da yake watsar da wani taku yana cewa ai babu mai hankalin da zai yi wannan, bai fahimci aikin ba. Baƙin da ke cikin matsala ba ya jin ƙyashin ba da bishof ko sarauniya don ya sayi taku ɗaya.

Yanzu ga gwajin da ya fi kowanne yaudara, 1.Ra5. Ruk ya zauna a a5, don haka sojan a7 ba zai je can ba. Taku bakwai suka rage wa Baƙi, shida na bishof, kowannensu kisa. Mutum zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, ya ga kisa sau shida a jere, zuciyarsa ta kwanta. Na bakwai kuwa, 1...a6, yana nan daram, kuma Fari ba shi da amsarsa: 2.Rxa6+ ko soja ya ci ruk, ko bishof ya tare a a7. Ƙaramin taku ne na soja, gida ɗaya, ba cek ba ci, irin wanda ido yake tsallakewa. Masu tsara matsaloli suna son irin wannan sosai, takun da yake kama da amsa amma abu ɗaya tak yake rushe shi, kuma da gangan suke dasa shi. In ka ga komai yana tafiya sumul, amsoshin Baƙi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba wahala, lokacin ne ya kamata ka koma ga ƙirgarka ta farko ka duba ko akwai wanda ba ka sa wa alama ba.

Tunda 1...a6 ne ya rage, magani shi ne a hana shi, hanya ɗaya kuma ita ce ruk ya zauna a gidan da kansa: 1.Ra6. Da farko abin kamar wauta, domin an ajiye ruk a bakin sojan b7. Amma a sake ƙirgawa daga tushe, domin kowane takun Fari yana canza jerin abin da Baƙi zai iya, wani ya rufe, wani sabo ya buɗe. Sojan a7 yanzu ba ya gaba, kuma har yanzu ba zai ci b6 ba, ruk yana kallon sarki ta bayansa. Bishof yana da shidansa, amsarsu 2.Rxa7#. Sabon takun da ya buɗe shi ne 1...bxa6. Shi ne mafi ƙarfi, shi ya kamata a fara dubawa. Da sojan b7 ya tashi, hanyar sojan Fari ta buɗe: 2.b7#. A tabbatar da shi gida-gida. Sojan yana ba da cek daga b7. Sarki ba zai ci shi ba, sarkin Fari na c8 yana gadinsa. Gidan a7 sojan Baƙi yana ciki, domin wannan karon bai sami damar matsawa ba. Gidan b8 bishof yana ciki, kuma bishof ba ya cin abin da ke gabansa a miƙe. Babu tsakani a cek ɗin soja. Taku bakwai, kisa bakwai.

Abin lura, 1.Ra6 ba ya ɗauke da wata barazana. Da doka za ta bar Baƙi ya ce ya yafe takunsa, da Fari ba shi da kisa, tunda bishof zai ci gaba da gadin a7. Tilascin motsi ne ya kashe shi. Wannan yana da tasiri a kan yadda ake tantancewa. In takun farko yana da barazana, aikin ya ɗan yi sauƙi: ka rubuta barazanar, ka nemo takun Baƙi da suke hana ta, sauran duk barazanar ce amsarsu. In kuwa babu barazana, babu wannan gajeriyar hanyar, dole kowane taku na Baƙi ya zo da nasa kisan. Shi ya sa tambaya ta farko bayan ka zaɓi taku ita ce: in Baƙi bai yi komai ba, me zan yi masa? Amsar wannan ce za ta gaya maka irin binciken da ke gabanka.

Sauran aiki ɗaya ya rage ga wanda yake so ya tabbatar matsalar kanta lafiyayya ce, ba amsarsa kaɗai ba. A al'adar masu tsarawa, takun farko ɗaya ne tak ya kamata ya yi aiki, in aka sami na biyu matsalar ta lalace. Fari yana da taku goma sha shida a farkon wannan matsala: goma sha uku na ruk, biyu na sarki, ɗaya na soja. An ga na soja da na layin a, domin Ra3 da Ra4 hukuncinsu ɗaya da Ra2. In ruk ya bar layin a zuwa kowane gida daga b1 zuwa h1, ɗaurin ya kwance, Baƙi ya ci 1...axb6, in ruk ya dawo da 2.Ra1+ bishof ya tare a a7. In sarki ya koma d7 ko d8, ya saki b8, bishof ya matsa, sannan bayan 2.Rxa7+ sarkin Baƙi ya shige b8. Ga kowane takun da ba daidai ba, amsa ɗaya mai rushe shi ta isa, ba sai an bi sauran ba. Ga takun da yake daidai ne kawai ake bin duka.

Matsalar Morphy ƙarama ce, ana iya ƙirge komai nata a kan yatsu. A allon da ya cika, inda Baƙi yake da taku talatin ko fiye, sai an bi da tsari. Ni dai ina ganin a fara da duk cek ɗin da Baƙi zai iya ba sarkin Fari, domin cek yana tilasta Fari ya bar shirinsa, kuma shi aka fi mantawa tunda hankali yana can wajen sarkin Baƙi. Bayansa a duba cin abin da zai yi kisan, ko cin mai gadinsa. Sannan a duba takun da zai buɗe wa sarki gidan gudu, kamar yadda 1...a6 ya buɗe a7, da wanda zai shiga tsakani, kamar bishof a a7. Sojan Baƙi da ya kai layin ƙarshe taku huɗu ne ba ɗaya ba, domin yana iya zama sarauniya, ruk, bishof ko doki, kuma doki yakan ba da cek daga inda sarauniya ba za ta iya ba.

Akwai kuma wata kariya da babu ita a wannan jerin, wadda ta fi duka ɓoyuwa: Baƙi ya nemi ya rasa taku gaba ɗaya. In wasa ya zo kan mutum, sarkinsa ba ya cikin cek, kuma ba shi da wani taku na halal, doka ta ce canjaras ne. Wannan ce ƙashin bayan wata matsala da ta fi ta Morphy shahara, wadda tarihinta ma darasi ne a kan tantance amsa.

A 1895 Georges Barbier, mai rubuta shafin ces a jaridar Weekly Citizen ta Glasgow, ya buga wani matsayi yana cewa Baƙi zai taka ya sami canjaras. Wani limamin coci ɗan Sifen da ke zaune a birnin, Fernando Saavedra, ya duba ya ga cewa Fari ne yake cin wasan. Sunansa matsayin yake ɗauke da shi har yau. A sigar da aka fi sani yanzu, Fari yana da sarki a b6 da soja a c6, Baƙi yana da sarki a a1 da ruk a d5, Fari ne da taku, kuma sharaɗin shi ne ya ci wasa, ba a ƙayyade yawan taku ba.

```
8/8/1KP5/3r4/8/8/8/k7 w - - 0 1
```

Takun farko a fili yake, 1.c7, soja saura gida ɗaya ya zama sarauniya. Ruk ba zai tare shi a d8 ba, sojan zai ci shi, ba zai je c5 ba, sarki zai ci shi. Sai cek: 1...Rd6+. A nan kowane gida da sarkin Fari zai je sai an auna shi da amsar Baƙi mafi ƙarfi. In ya hau 2.Kb7, ruk ya sauka d7 ya ɗaure sojan a kan sarki, sannan ya ci shi, canjaras. In ya je 2.Kc5 don ya kai wa ruk hari, abin kamar ya yi daidai, amma ruk ya zarce ƙasa, 2...Rd1, in Fari ya yi sarauniya sai 3...Rc1+, sarki ya kauce daga layin c, ruk ya ɗauke sarauniyar da ke bayansa. Wanda ya gwada cek kawai a matsayin amsar Baƙi ba zai ga wannan ba, domin 2...Rd1 taku ne na shiru. Saboda haka sarki dole ya sauka ta layin b: 2.Kb5 Rd5+ 3.Kb4 Rd4+ 4.Kb3 Rd3+ 5.Kc2. Yanzu ya shigo layin c a inda yake gadin d1 da c1, yana kuma kai wa ruk hari. Ga dukkan alamu an gama.

Baƙi kuwa yana da 5...Rd4. Bai tare soja ba, bai ba da cek ba, kamar ya sallama. Fari ya yi 6.c8=Q, sai 6...Rc4+, ruk ya ba sarki cek yana kuma kallon sarauniya. Dole a ci shi, 7.Qxc4. To duba sarkin Baƙi a a1: b1 da b2 sarkin Fari ya hana, a2 sarauniya tana gani daga c4 a karkace, shi kuma ba ya cikin cek, ba shi da sauran komai a allo. Ta leƙo ta koma, canjaras. Wannan ita ce amsar Barbier, kuma a ɓangaren Baƙi ya yi aikinsa yadda ya kamata, ya samo kariyar da ta fi kowace zurfi.

Inda binciken ya tsaya shi ne a taku na shida. Tunda sharaɗin da ya buga na Baƙi ne, Fari shi ne abokin karawar da ya kamata a gwada duk amsoshinsa, an kuma ɗauka cewa soja in ya kai ƙarshe sarauniya yake zama. Saavedra ya gwada 6.c8=R. Ruk ba ya tafiya a karkace, don haka in Baƙi ya maimaita dabararsa, 6...Rc4+ 7.Rxc4, gidan a2 a buɗe yake, babu canjaras. Sarki ya taka a2 dole, sai 8.Ra4#. Sabon ruk ɗin kuma yana da tasa barazanar, ya je a8 ya ba da cek a layin a, inda sarkin Baƙi ba shi da mafita. Abin da zai hana wannan shi ne 6...Ra4, ruk ya riga shi tsayawa a layin. Sai 7.Kb3. Sarki ya kai wa ruk ɗin a4 hari, ya kuma kauce daga layin c, ya buɗe wa nasa ruk hanya zuwa c1, inda zai kashe, tunda a2 da b2 yanzu suna hannun sarkin Fari. Barazana biyu ce, taku ɗaya ba zai tare su duka ba. In Baƙi ya ceci ruk, 8.Rc1#. In ya matsa sarki zuwa b1, Fari ya ci ruk, sauran kuma kisa ne na sarki da ruk da kowane ɗan koyo ya sani.

Abin da ya faru a Glasgow ya nuna cewa kalmar abokin karawa tana bin sharaɗi ne, ba launi ba. Duk ɓangaren da ba shi aka ce zai cim ma burin ba, shi ne ake bin takunsa kaf, har da waɗanda suke kama da ragi, irin ɗaukar ruk a inda sarauniya take samuwa. Takun da kowa yake yi ba tare da tunani ba, cin abin da aka ci maka, ko yin sarauniya, shi ya fi cancantar a tsaya a kansa a tambaya ko dole ne.

Sai dai irin wannan matsala tana da wata iyaka da ta Morphy ba ta da ita. A kisan taku biyu, kowane reshe yana ƙarewa da cekmet ko rashinsa, babu gardama. A matsalar da aka ce a ci wasa kawai, reshe yakan ƙare a matsayin da sai ka san hukuncinsa daga ilimin ƙarshen wasa. A matsayin Saavedra, Baƙi ba dole ne ya bi layin cek har ƙarshe ba. A taku na uku yana iya barin cek ya taka 3...Kb2, ya ƙyale Fari ya yi 4.c8=Q, ya tsaya da ruk a gaban sarauniya. In ana maganar tsawon rai ne, wannan ya fi 5...Rd4 jan lokaci nesa ba kusa ba, kuma cin ruk da sarauniya aiki ne da yake ba ƙwararru ma wahala a kan allo. Duk da haka ba a rubuta shi a matsayin babban layin amsa, domin an san sarki da sarauniya suna cin sarki da ruk in dai babu wata dabara ta nan take. Aikin mai tantancewa a irin wannan reshe shi ne ya tabbatar babu dabarar: ruk ba shi da cek da zai ɗauke sarauniya ta bayan sarki, ba shi da cek marar yankewa, babu kuma hanyar kulle kai a sami canjaras. A nan bayan 4.c8=Q, cek ɗin da ruk yake da su biyu ne. Na b5 sarki zai cinye shi, sarkin Baƙi kuma yana da gidajen zuwa, don haka ba kulle. Na d4 sarki ya kauce masa ta layin b ko a, ko ya taka c5 ya kai masa hari, domin c4 yana hannun sarki, d1 kuma ya yi latti tunda sarauniyar ta riga ta fito kuma taku na Fari ne. Da wannan ake rufe reshen a rubuta cewa Fari ya ci.